Wasiƙa ga aminiyata kan gajiyar da hutu ba ya warkarwa

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, na samu saƙonki cewa an ba ki shugabancin ɗakin masu jinya. Allah ya taya ki riƙo. Kin tambaye ni abin da ya fi cancanta ki sa wa ido, kuma amsata ita ce ki lura da wadda ba ta taɓa ce miki a'a ba, domin ita ce na kusa rasawa a bara.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗakinmu, ni da ma'aikatan jinya goma, kuma akwai wata a cikinsu wadda duk wanda uzuri ya kama wurinta yake zuwa neman canjin aiki. Abin da na fara gani ba kasala ba ce, don ba ta taɓa makara ba. Shiru ta yi. A da, idan ana miƙa aiki da safe, takan ce tsohuwar nan ba ta ci tuwon dare ba, a duba ta. Sai ta koma cewa "gado na huɗu, babu canji", ta rufe fayil. Ta daina cin abinci tare da mu. Sannan sau biyu a mako guda na tarar ta ba da magani amma ba ta sa hannu a kati ba, alhali ita ce mai gyara wa ɗalibai wannan kuskuren. Daga baya na fahimci cewa alamomi uku na yanayin matsananciyar gajiyar aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 ne nake gani: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga zuciya, da raguwar ingancinsa. Hukumar ta ce matsin aiki da ya daɗe ba a magance ba ne ke haddasa shi. Yadda na bambanta shi da gajiyar yau da kullum kuwa shi ne, ta yi hutun kwana uku ta dawo kamar ba ta je ba.

Ban kira ta ofis ba, domin da na yi haka da ta ɗauka tuhuma ce. Na raka ta bakin ƙofa bayan an tashi, na faɗa mata abin da idona ya gani kawai, na tambaye ta yaya barcinta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce tun da la'asar gabanta ke fara faɗuwa idan tana da aikin dare.

A daren nan na ɗauko jadawalin wata na ƙirga. Dare 30, mutum biyu kowane dare, aikin dare 60 ke nan, wanda idan aka raba wa mutum goma kowa zai samu shida. A takarda haka na rubuta, amma da na bi littafin sa hannu sai na ga ta yi 11, saboda canje-canjen da ake yi ba da sanina ba. Laifin nawa ne, domin jadawali nake dubawa, ba abin da ya faru ba. Ga kuma ayyukan da ba a rubuta su a ko'ina: littafin lissafin magani, rahoton ƙarshen wata, koyar da ɗalibai, da lallashin dangin majinyata. Uku daga cikin huɗun nan a kanta suke.

Na tara kowa, na rubuta alƙaluman a allo ba tare da sunaye ba. Muna da masu shayarwa biyu waɗanda aikin dare ke yi wa wuya, sai muka amince a cire su, sauran takwas su raba 60 ɗin, huɗu su yi bakwai-bakwai, huɗu su yi takwas-takwas, wata mai zuwa a juya. Masu shayarwar kuma suka karɓi littafin magani da rahoton wata, don kada sauƙin da aka yi musu ya zama ƙorafi. Muka kafa doka cewa ba a canjin aiki sai da sa hannuna, kuma babu mai wuce dare uku a jere. Wata ta yi gunaguni, ta ce ana nuna fifiko, amma da na miƙa mata littafin ta ƙirga da kanta sai ta yi shiru.

Kada ki zaci rabon aiki na maganin komai. Idan kin rage nauyi amma kika ga rashin barci da baƙin ciki sun bi mutum har gida, to a haɗa shi da likita, domin yana iya zama ciwon damuwa. Idan kuma kin ƙirga kin ga kowa ya wuce ƙima, ƙarancin ma'aikata ne, sai ki kai alƙaluman gaba a rubuce. Ita dai tamu, sai bayan kusan wata biyu na sake jin ta ambaci majinyaci da sunansa.

Ki aiko mini da jadawalinku na wannan wata mu duba tare. Ki gaida Hajiya da yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki