Wasiƙa ga Auta kan saƙonnin Baba

Assalamu alaikum Auta,

Ya gida, ya karatu, ya jikin Inna. Mu nan Riyad lafiya lau alhamdulillah sai zafi da aiki. Na zauna na rubuto maka doguwa ne saboda maganar saƙonnin Baba, naga abin ya fara zama abin dariya a guruf ɗin gida, jiya ya rubuto rabin magana sai ga mutum uku sun jera masa alamar tambaya, wani ma harda sitika mai dariya, daga nan bai ƙara cewa uffan ba har dare. Kai ne kusa dashi, akwai abin da hannu zai gyara a wayar, akwai kuma wanda mu ne zamu gyara a yadda muke amsa masa.

Ka tuna mutumin nan duk rayuwarsa ƙaramar waya mai madannai ya riƙe, wadda sai ka danna ka ji ta danna. Yanzu an bashi gilas sumul. Ga hannun manomi ya yi kanta, in sanyi ya shigo fatar ta bushe sikirin ɗin wani lokacin baya ma jin taɓin, sai ya ƙara ƙarfi yatsan ya zame ya hau kibiyar turawa. Saƙo ya tafi a rabi, shi kuma bai lura ba, a ganinsa ya gama magana.

Abu na farko ka karɓi wayar ka buɗe WhatsApp ɗinsa, ɗigo ukun nan na sama, Settings, Chats, ka duba Enter is send. Ina kyautata zaton a kunne yake. In a kunne yake, madannin sauka layi shi ne turawa, kuma yana nan daf da na gogewa, kaga duk sanda yaje goge harafi ɗaya ya kuskure sai saƙon ya fice. Kashe shi. A wajen dai akwai Font size, ka mayar masa Large. Sannan ka fita ka shiga Settings na wayar kanta wajen Display ka duba lokacin da sikirin ke ɗauka kafin ya mutu, in sakan 15 ne ko 30 ka kai shi minti 2, domin Baba yana tsayawa neman harafi, kafin ya gano inda yake wayar ta yi duhu, in ya buɗe zaren maganar ya ɓace masa sai kawai ya tura abin da ke ciki. Kibod ɗin ma turanci aka saita masa shi yasa kake ganin kalmomin da ba nashi ba a tsakiyar magana, yana rubuta Hausa tana juya masa. In Gboard ne ka ƙara Hausa a Languages, ka kashe Auto-correction a Text correction. Duka wannan bai kai tsawon shan shayi ba, amma dan Allah kar ka yi a gaban mutane a majalisa, ka bari sai kun zauna ku biyu.

Boyis ɗin nasa ma haka yake gutsirewa, kaji sallama da rabin gaisuwa shikenan. Dalili shi ne sai ka danne makirfon ɗin kana riƙe, da yatsa ya ɗaga ya tafi, in ya zame hagu kuma ya goge gaba ɗaya. Nuna masa ya danne ya ja sama har makullin nan ya kulle, daga nan ya saki hannu ya yi maganarsa a tsanake, in ya gama ya danna kibiya. Kar kai ka yi masa, ka bari ya yi da hannunsa ya turo maka kana zaune gefensa har hannun ya saba.

Toh yanzu bangaren mu. Bari na baka misalin satin da ya wuce. Na tura kuɗin taki, da daddare sai ga saƙo: "kudin taki da ka turo ba". Iya nan. Kaga wannan zai iya zama basu shigo ba, zai iya zama basu isa ba, zai iya zama ba yanzu zan saya ba, kuma kowanne da irin matakin da zan ɗauka, na farkon ma sai na koma wajen wanda na tura ta hannunsa muyi ta magana. Abin da na fara yi shi ne ban yi komai ba. Na tsaya ina kallon ɗigo ukun nan masu motsi da ke nuna mutum yana rubutu (a wasu wayoyin typing… zaka gani a sama), don in ka watso masa saƙo yana tsaka da haɗa kalma, hirar ta motsa, ya tsaya karanta naka, nashi ya watse. Da naga sun tsaya na ɗan ƙara jira, sannan na ja saƙon nasa dama na amsa a kansa don ya ga wanne nake nufi, na rubuta: "Baba barka da dare, naga saƙonka kan kuɗin taki. In basu shigo ba ka danna 1, in sun shigo basu isa ba ka danna 2." Can sai ga 2. Sai na ce buhu nawa ya rage, lamba kawai. Sai ga 3. Magana ta ƙare, harafi biyu ya danna, bai ji kunya ba nima ban kwana da zullumi ba.

Ka lura ban ce masa "me kace" ba, ban ce "sake rubutawa" ba. Wanda ya sha wahala kafin ya haɗa kalma shida in kace ya sake daga farko ai ka kore shi ne. Ka maimaita masa iya abin da ka fahimta, ka yi tambaya ɗaya tak wadda eh ko a'a ko lamba zata wadatar. Tambaya biyu a saƙo ɗaya ta ƙarshen kawai zai amsa, wannan na sha gani. Kuma kar ka nuna masa Edit ɗin nan yanzu, minti 15 ne kawai yake aiki kuma sai an danne saƙo an nemo shi, zai ƙara ruɗa shi. Ka ce masa in ya yanke ya ci gaba a sabon saƙo daga inda ya tsaya, mu zamu haɗa.

Amma fa akwai inda bana yarda da canki-canki, wato kuɗi, lambar akawun da magani. In ya rubuta 45 ban sani ba 45 ne ko 4,500 ko 45,000, lambar akawun kuma guda 10 ce, in ka ƙirga kaga 9 to ta gutsire, kar wanda ya cika da ka. Sunan maganin hawan jinin Inna ma a ɗauki hoton kwalin a turo. A irin wannan kira nake yi, in netuwok ya ƙi sai na jira ka dawo gida ka karanta min.

Ka faɗa wa su Yaya su ma, cikin dabara, su daina alamar tambayar nan, shi a wajensa kamar tsawa ce. Kuma in Baba ya ga ɗan maki biyu sun yi shuɗi ban amsa ba ka gaya masa ba share shi na yi ba, muna gabanku da awa 2, lokacin da kuke idar da isha mu ƙarfe goma ta wuce kuma asubar fari mota ke ɗaukarmu.

In ka gama saitin ka sa shi ya turo min boyis da kansa na ji ko makullin ya zauna masa. Ka gaida Inna da su Yaya da yara, kuɗin makarantarka sai ƙarshen wata in an biya mu insha Allah.

Naka,
Yayanka