Kafin Ka Ɗauko Shinkafar Nan

Ɗana Sadisu,

Bayan gaisuwa. Kawunka ya ce har ka kama shago, kuma kuɗin filin nan gaba ɗaya za ka kai Kura ka ɗauko shinkafa. A bakin wani zan ji wannan?

An ce hujjarka ita ce shinkafa 'yar Hausa da ake aunarwa a kasuwarku duk tsakuwa ce da ƙaiƙayi, kai kuma tsintacciya za ka sayar. Idonka ya gani daidai. Amma ka tambayi kanka me ya hana su tsincewa? Mutanen nan sun girme ka a bakin kwano, ba makafi ba ne.

Zauna ka yi lissafi. A ce ka sayi buhu mai kwano 40 a kan naira 80,000, kowane kwano ya tsaya maka 2,000. In aka sheƙe aka tsince, a ce kwano biyu sun tafi a tsakuwa da dusa, saura 38. Ka biya masu tsinta 3,600. Kwanonka ya koma 2,200 tun ba ka ɗora riba ba, maƙwabcinka kuwa yana nan a 2,000. Abin da ya hana su ke nan.

To wa zai biya ɗari biyun? Matar gida mai yara ba za ta biya ba. Mita za ta yi, ta koma ta baza a faifai su tsince kyauta, kamar yadda mahaifiyarku ta riƙa sa ku. Mai sayar da abinci ita ce taka. Ba ta da lokacin tsinta, kuma wanda ya tauna tsakuwa a rumfarta gobe wata rumfar zai nufa. Ka je bakin tasha da ƙofar makarantu ka ƙirga su, ka ji kwano nawa kowacce ke dafawa a rana, wa ke ba ta, me take ƙorafi a kai. Wataƙila ma ka tarar kwanon da aka bubbuge wa gindi ya fi tsakuwar ci mata rai.

Tsorona bashi ne, Sadisu. Yawancinsu da safe suke ɗauka su biya da yamma, shi ya sa suke haƙuri da mai tsakuwa. In ka ce sai kuɗi hannu, ba za su zo ba. In ka bayar, kai da na sani ba ka iya bin bashi, kuɗin filin kakanka zai narke a tukunyar mutane. Lokacin da na hana ka babur ka ce na tsane ka. Wannan halin naka na duba.

Ba cewa na yi ka fasa ba. Ɗauki buhu biyu ka gwada, ka rubuta waɗanda suka dawo karo na biyu da kuɗinsu a hannu. Ragowar kuɗin ka bar su wurin kawunka har mu ga littafin.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka zo ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka