Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya tsare ni a kan hoton tsabar kakarsa

"Malam, na turo maka hoton abin da muka samu a adakar kakarmu, ka ce in sake ɗauka. Ka faɗa mana a gaban jama'a: ba ka san abin ba ne kake ɓoye jahilcinka, ko kuwa so kake in gaji in kawo maka da ƙafata ka saye shi a wulaƙance?"

Assalamu alaikum, Alhaji.

Zan fara da maganar saye, don ita ce ta sosa min rai. Na yi aikin kayan tarihi har furfura ta cim mini, kuma ban taɓa sayen ko allura daga hannun wanda ya kawo min abu don in duba masa ba. Waɗanda suka zauna da ni suna raye, ka tambaye su. Mai duba abu idan ya zama mai saye, bakinsa ya lalace, domin duk abin da ya faɗa aljihunsa ne ke magana. Kana da lambata. Da gaskiya kake nema da ka kira ni. Ka zaɓi ka yi shela ne saboda wani ya riga ya raɗa maka farashi a kunne, kuma kana son in buga masa hatimi. Ba zan yi ba. Batun jahilci kuwa bai dame ni ba. Babu masanin da ke iya karanta abin da hoto bai nuna ba.

Ga abin da ka turo. Hoto ɗaya, da dare, abin yana kwance a tafin hannunka, ka kunna filasha. Hasken ya bugi ƙarfen ya dawo cikin idon kyamara, sai tsakiyar ta zama fari fat. Wayar ta kama zanen tafinka tangaran, ta bar tsabar dishi-dishi. Iyakar abin da na gani shi ne kewayayyen ƙarfe mai kamar azurfa, da inuwar kan mutum ta gefe, da alamar rubutu a kewaye.

Da wannan siffa, abubuwa uku aƙalla suke yawo a adakun tsofaffinmu. Akwai liyari, tsabar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta Sahara har ta zama kuɗin ciniki a Barno da Kano, daga baya mata suka mai da ita kayan ado. Faɗinta kusan santimita 4, nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya. Akwai dalar Faransa ta azurfa, faran biyar, wadda ta fi yawa a gidajen ƙasar Nijar: milimita 37, giram 25. Akwai kuma sule biyu na zamanin Turawan Ingila, da bai kai santimita 3 ba, nauyinsa giram 11 da kaɗan. A hoto marar ma'auni duk ukun girmansu ɗaya, domin hannu ba ma'auni ba ne. Na wani ya fi na wani. Shi ya sa na ce ka ajiye rula. Rular makaranta ta yaranka ta isa, amma ta kwanta a kan shimfiɗa ɗaya da tsabar, gefen santimita yana taɓa bakinta, wayar kuma ta dubi abin daga sama sak. In ka karkata wayar, da'ira za ta koma kamar ƙwai, awon ya tashi a banza.

Haske shi ne rabin aikin. Ka fita da hantsi, ka zauna a inuwa, bakin zaure ko kusa da taga, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya ba tare da rana ta bugi abin ba. Ka kashe filasha. Ka shimfiɗa ƙyalle baƙi ko ruwan toka marar zane kuma marar sheƙi. Kada ka ɗora a kan darduma ko atamfa, don wayar za ta bi zanen ta manta da tsabar. Ka goge idon kyamarar da gefen rigarka, maiƙon yatsa kaɗai yana sa hoto ya yi hazo. Sannan kada ka kutsa wayar har ta kusa taɓa abin. Yawancin wayoyi ba sa iya kama abu tangaran in an matso fiye da kima, kuma inuwar wayar za ta rufe shi. Ka ja baya kamar taƙi guda, ka ɗan zuƙo hoton ninki biyu, ka taɓa tsakiyar tsabar a kan allon wayar don ta san abin da kake nufi. In hannunka na rawa, ka jera littattafai, ka kwantar da wayar a kansu idon kyamarar yana leƙo ƙasa, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Kafin ka tashi daga wurin ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi da yatsu biyu. In kai ba ka iya rarrabe haruffan ba, ni ma da nake nesa ba zan iya ba.

Rubutun da ya suɗe da yawan shafa yana da tasa dabarar, kuma ita ce na fi son ka riƙe. Ka shiga ɗaki mai ɗan duhu, ka kwantar da tocila kusan daidai da shimfiɗar, haskenta ya share fuskar tsabar daga gefe. Kowane ɗan tudu zai jefa inuwa, sai harafin da ido bai gani da rana ya miƙe tsaye. Ka ɗauka da tocilar a hagu, ka sake ɗauka tana sama, domin layin da ya bi hanyar hasken ba ya yin inuwa, sai an juyo masa ta wani ɓangaren.

Yanzu mu ɗauka liyari ce, in nuna maka dalilin kowane hoto da na nema. A fuskar gaba zan nemi mace mai lulluɓi tana duban dama, da ƙananan haruffa S.F. a ƙarƙashin kafaɗarta. A baya zan nemi gaggafa mai kai biyu da garkuwa a ƙirjinta, da shekarar 1780 da alama kamar X a gefenta. Bayan tsabar ne ba ka turo ba sam, alhali shi ke ɗauke da shekara. Kuma ka ji wannan tun yanzu, kafin dillali ya ruɗe ka: 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata. An buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Rum da Landan da Indiya a ƙarnin da ya wuce, kuma har yau ana bugawa a Biyana. Miliyoyi ɗari-ɗari ne a duniya. Masu rarrabe bugun wani gari da na wani suna ƙirga ƙananan duwatsun da ke jikin abin ɗaure mayafi a kafaɗar sarauniyar, da gashin jelar gaggafar, da siffar wannan X ɗin. Abubuwa ne da ba su kai ƙwayar gero ba. Ka gaya min ta yaya zan ƙirga su a hoton da ko hancin matar bai fito ba.

Sai baki, wato kaurin tsabar, wanda kusan kowa ke mantawa. Ka tsayar da ita tsakanin yatsu biyu, ka ɗauka, ka juya, ka sake ɗauka har ka zagaye. Liyari ta gaske tana da rubutu a nan, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da 'yan zane-zane tsakanin kalmomin. Ta jabu da aka yi da zubi takan nuna siririn layi inda rabi biyu na mazubin suka haɗu, ko alamar an goge layin da magagari, fuskarta da 'yan ramuka, haruffanta a narke. In an huda ta, ko maƙeri ya liƙa mata kunne don rataya, ka ɗauki wurin kusa-kusa. Kada ka ɓoye shi da yatsa don kana ganin aibi ne. Shi ke gaya mana yadda aka yi amfani da ita, kuma shi ke bayyana dalilin da nauyi zai ƙaru ko ya ragu. Ka kai ta wurin mai sayar da gwal ya ɗora a ƙaramin sikelinsa, ka ɗauki hoton tsabar da lambar tare. Wadda ta sha hannu tana iya sauka zuwa giram 27 da wani abu. In ta faɗo wajen 22 da wannan faɗin, akwai magana. Ka kuma kusanto mata da maganaɗisu: in ta manne, ba azurfa ba ce, ko da yake rashin mannewa bai tabbatar da komai ba, don tagulla ma ba ta mannewa.

Wajen turowa, WhatsApp yana matse hoto ya zubar da ƙananan bayanan da nake nema. Ka tura ta Document, ba ta wurin hotuna ba, kuma kada ka turo hoton allo ko wanda aka yi wa kwalliyar launi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ya wuce kai, Alhaji. Kullum sai an kawo min abin da aka riga aka kashe. An dirje shi da toka da lemon tsami, ko an jiƙa a tsamiya, ko an bi shi da soson ƙarfe don ya yi ƙyalli a hoto. Baƙin da ke kwance a lungun haruffa shi ke fito da su, kuma shi ne shaidar daɗewa. In aka kankare shi ba ya dawowa, darajar abin ma ta faɗi. Dillalai suna bin gidaje bayan rasuwa, su ambaci miliyoyi don a fito da kaya, su kushe su in sun gani, su saya a kan nauyi a narkar. Tsohuwar da ta san daga hannun wa abin ya fito ta tafi, babu wanda ya tambaye ta. Saboda haka ka haɗa min da hoton adakar, da ƙyallen da aka naɗe tsabar, da sauran abin da ke tare da ita, ka rubuta garin da kakarku ta fito da abin da manyan gidan suke tunawa.

Ko duk waɗannan sun cika, hoto zai gaya min irin tsabar da alamun jabu, wataƙila da inda aka buga ta. Ba zai tabbatar da yawan azurfar da ke cikinta ba, wannan sai an gwada a hannu. In ka kai wannan matakin, ka je Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin da ya fi kusa da kai, ka tafi da wani daga cikin magada, a duba a gabanku, ku koma gida da abinku.

Wassalam.