Raɗaɗin gefe ɗaya kafin ƙuraje: a riƙa duba fata

Ranka ya daɗe Edita,

Ina yi maka fatan alheri tare da abokan aikinka. Na saurari shirinku na lafiya inda aka tattauna ciwon ƙirji da na haƙarƙari, kuma likitan da kuka gayyato ya yi bayani mai gamsarwa a kan zuciya da gyambon ciki da tsakuwar ƙoda. Sai dai akwai ciwo ɗaya da bai taɓo ba, wanda mu ma'aikatan jinya muke yawan ganin ya ruɗa marar lafiya, wani sa'in ya ruɗa har mai duba shi. Shi ne ciwon da likitoci ke kira zosta, musamman a kwanakinsa na farko, kafin ƙurji ko ɗaya ya fito.

Asalinsa ƙarambau ne. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, ƙurajen sun warke amma ƙwayar cutar ba ta bar jikinsa ba. Takan laɓe a gindin jijiyoyin ji da ke fitowa daga laka, ta yi shekaru masu yawa ba motsi. Idan garkuwar jiki ta yi rauni, saboda tsufa ko wata cuta ko wani magani, sai ta farka a gindin jijiya ɗaya, ta biyo ta har zuwa fata. Kowace jijiya kuwa da nata yankin fata. A gangar jiki yankin siriri ne, ya taso daga ƙashin baya, ya zagayo ta haƙarƙari, ya tsaya a tsakiyar ƙirji ko ciki, kamar rabin ɗamara. Shi ya sa ciwon ke zama a dama kawai ko a hagu kawai, ba ya tsallake tsakiya. Kuma tun da jijiyar ce ke fara kumbura, zafi na rigan ƙuraje zuwa, galibi da kwana 2 ko 3, wani lokaci har mako guda. Kusan mutum 1 cikin 3 zai gamu da shi a rayuwarsa, akasari bayan shekara 50.

Bari in kawo misalin wata dattijuwa mai kimanin shekara 60 da 'yarta ta kawo mana. Ta ce ƙasan haƙarƙarinta na dama ke ci da wuta, an ba ta maganin gyambon ciki a wani wuri bai yi komai ba, an yi hoton ciki don duba matsarmama ba a ga tsakuwa ba. Na ce, "Mama, nuna mini inda yake." Ba ta danna ciki da yatsa ba. Tafin hannu ta ɗora a baya kusa da ƙashin baya, ta jawo shi a hankali ta gefe har ƙasan nono, ta tsaya daidai tsakiya. Na tambaye ta ko cin abinci na ƙara shi, ko tari, ko hawa bene. Ta ce a'a, "Rigar ce ba na so ta taɓa ni, ko zanin gado." Da na shafa wurin da auduga sai ta zabura, amma da na danna cikin da ƙarfi ba ta ji wani ƙarin ciwo ba. Na shafa ɗaya gefen, lafiya lau. Fata kuwa sumul, ba tabo ba ja.

Wannan ne bambancin da nake so masu sauraro su riƙe. Ciwon kayan ciki a can ciki ake jin sa, kuma yakan bi cin abinci, ko fitsari, ko wahala, ko numfashi. Na zosta a saman fata yake: ƙuna, suka, ƙaiƙayi, wani lokaci fizga, kuma taɓawa marar ƙarfi ta fi dannawa zafi. Wasu kan haɗa da ciwon kai, kasala ko ɗan zazzaɓi.

A wannan mataki babu mai iya rantsuwa cewa zosta ne, ko likita zato yake yi. Abin da likitanmu ya yi shi ne ya tabbatar ba zuciya ba ce ba huhu ba, ya ba ta maganin rage zafi, sannan ya ɗora wa 'yar aiki: ta duba fatar uwarta safe da yamma a wuri mai haske, daga ƙashin baya har gaba. Bayan ne ya fi muhimmanci, don marar lafiya ba ya ganin bayansa, kuma sau da yawa can ƙurajen ke fara leƙowa. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai a nemi wurin da ya ɗan tashi ko ya ƙara duhu, da ƙananan ƙuraje a cure wuri ɗaya. Washegari da yamma 'yar ta ga irinsu a baya, ba su kai faɗin tafin hannu ba, wasu sun fara ɗurar ruwa. A daren aka fara magani.

Dalilin wannan gaggawa shi ne maganin ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Wanda aka fi samu shi ne asaikulobiya, miligiram 800 sau 5 a rana har kwana 7, ko balasaikulobiya, miligiram 1000 sau 3 a rana. Likita ne zai rubuta, domin mai ciwon ƙoda sai an rage masa, kuma ana son shan ruwa sosai. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki. Hana ta yaɗuwa yake yi, ya rage sababbin ƙuraje da tsawon jinya. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin masu zuwa sai ƙurajen sun yi kwana 5 ko 6, an shafa wannan an shafa wancan, wasu an fasa su har sun yi mugunya. Ko an makara dai a zo, musamman idan sababbi na ci gaba da fitowa ko garkuwar mutum na da rauni.

Ƙurajen kan bushe cikin kwana 7 zuwa 10, fata ta warke cikin mako 2 zuwa 4. Raɗaɗin ne kan ƙi tafiya: wajen mutum 10 zuwa 18 cikin 100 kan ci gaba da jin sa fiye da wata 3 bayan an warke, tsofaffi suka fi shan wannan wahala. Kafin ƙuraje su fito ba a ɗaukar cutar daga marar lafiya. Da sun ɗuri ruwa kuwa, wanda bai taɓa ƙarambau ba zai iya kamuwa da ƙarambau, don haka a rufe wurin, a nisanta shi da mai juna biyu da jariri har ya bushe. Idan kuma matashi ne ya yi zosta, ya kamata a gwada shi ƙanjamau da ciwon suga, a tambayi irin magungunan da yake sha.

Kada wani ya ji wannan bayani ya zauna gida yana jiran ƙuraje alhali zuciyarsa ce. Ciwon ƙirji mai danne mutum, da gumi, da haki, ko mai gangarowa hannu ko muƙamuƙi, asibiti ake zuwa nan take. Haka ciwon gefe mai zazzaɓi mai zafi, amai, ko jini a fitsari.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake gayyato likitan ya ware wa zosta lokaci, ya kuma yi bayani a kan allurar rigakafinsa da ake yi wa 'yan shekara 50 zuwa sama a ƙasashen da ake da ita.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya, mai sauraronku