Wasiƙa zuwa ga abokina a Fatakwal, kan shirin ɗaukar ciki

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso ni tare da takardun asibitin maiɗakinka, kuma na karanta su a natse. Allah Ya mayar muku da alheri game da ɓarin da ta yi bara. Ka tambaye ni ko lokaci ya yi da za ku sake neman haihuwa, amsata kuwa ita ce ku dakata wata uku zuwa shida tukuna, ga kuma dalilina.

A ɗakin awo da nake aiki, yawancin mata sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke zuwa, alhali kuwa bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace take ƙirga kwanakin ɓatan wata kawai. Idan bai rufe daidai ba, sai a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya, ƙafafunsa a shanye, ko a haife shi ba cikakken ƙoƙon kai. Folik asid, wani nau'in bitamin da ake sha, yana rage wannan haɗari ƙwarai, da sharaɗin ya riga cikin shiga jiki. Mace mai lafiya maikirogiram 400 a kullum ya ishe ta, amma mai ciwon suga irin maiɗakinka, da mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haihuwar irin wannan yaro, miligiram 5, wato maikirogiram 5,000, ake rubuta musu. Ta fara wata uku kafin ku nemi cikin, ta ci gaba har ya cika mako 12.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka rubuta HbA1c, wanda ya nuna 8.9. Wannan gwaji ya bambanta da ɗigon jinin da take aunawa da safe, domin shi yana faɗin yadda sugan ya kasance ne a wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda haka takatsantsan ɗin kwana biyu kafin zuwa asibiti ba ya ruɗinsa. Ana so ya sauka ƙasa da 6.5 kafin ciki, muddin sugan ba ya faɗuwa har ta riƙa rawar jiki da gumi. Wadda nata ya haura 10 kuwa, shawarar da ake ba ta ita ce kada ta ɗauki ciki sam sai ya sauka. Suga mai yawa a makonnin farko yana ƙara haɗarin ɓari da naƙasar zuciyar jariri. Ban ce shi ya jawo na bara ba, ɓari yana da dalilai barkatai, amma shi ne wanda gyaransa ke hannunku. Metfomin, ƙwayar maganin sugan da take sha, za a iya barinta a kansa, sai dai ina zaton likita zai ƙara mata allurar insulin, kuma na san mutanenmu suna ɗaukar wannan allura alamar ciwo ya ci jiki, wanda ba haka ba ne. A duba mata ido da ƙoda kafin nan, domin ciki yana iya tsananta lahanin da suga ya soma yi musu.

Na kuma ga lisinofiril a cikin magungunanta na hawan jini. Wannan ba ya tafiya da ciki, yana lalata ƙodar jariri, ya ƙafar da ruwan mahaifa. Kada ta yanke shi da kanta. Likita ne zai musanya shi da metildofa ko nifedifin, ya bi awon jininta na wasu makonni har ya daidaita.

Batun rigakafi gajere ne. Yawancin tsararmu a Nijeriya ba a yi musu allurar rubela suna yara ba, cutar nan mai kama da ƙyanda wadda ba ta wahalar da babba, amma idan ta kama mai sabon ciki tana iya kurmantar da jariri ko ta sa masa yanar ido. Ba a yin allurar da ciki, kuma bayan an yi ta sai a jira wata ɗaya. Ku biyun kuma ku yi gwajin ciwon hanta nau'in B, kai ma ban cire ka ba.

A tsawon wannan lokaci ku riƙe wata hanyar tazarar haihuwa, kuma ka raka ta ganin likita da kanka, da kwalayen magungunan duka a hannu. Idan aka maimaita gwajin bayan wata uku, ka aiko mini da sakamakon.

Ka gaishe ta da jiki, ka gaida su Baba idan kun yi waya.

Naka abokinka,
daga Kano