Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Kayan Teku ga 'Yan Ƙungiyarmu ta 'Yan Kasuwa a Jidda

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da kwamitinku ya yi a bana. Mun yi zama biyu na ilimantarwa, mun raka 'yan uwa mina, wato tashar jiragen ruwa, mun kuma tsara takardar sanar da ɓarna da Larabci da Turanci wadda kowa zai iya cikewa ta waya. Amma mafi yawan ɗawainiyarmu a kan abu guda ta ƙare: kaya sun iso tashar Jidda a jiƙe ko a fashe, mai su bai sanar da kamfanin jirgi a rubuce da wuri ba.

Ga yadda ƙa'idar take. A bayan takardar lodi, wadda muke ce wa bulisa, akan rubuta da ƙananan baƙaƙe dokar da za ta yi hukunci tsakaninka da mai jirgi. Da yawa suna bin ƙa'idojin Hague na 1924 ko gyaransu na Visby na 1968. A nan, in ɓarnar ido na ganinta, sanarwa sai ta kai kafin ka ɗauke kaya ko a lokacin ɗaukar. In ɓoyayya ce, kwana 3 gare ka. Ƙa'idojin Hamburg na 1978 sun fi sassauci: ranar aiki ta gaba ga ɓarnar fili, kwana 15 ga ɓoyayya. Saudiyya ma tana da dokarta ta kasuwancin teku da ta fara aiki a 2019. Mu dai shawararmu ba ta canza ba. Kada ka tsaya a bakin kwantena kana nazarin wace doka ce ta hau kanka. Ɗauki mafi gajarta, ka aika a ranar.

Rashin sanarwa ba ya kashe haƙƙinka nan take, kuma yana da kyau a fahimci wannan don kada wanda ya makara ya yanke ƙauna. Abin da yake yi shi ne ya juya maka nauyin hujja: za a ɗauka ka karɓi kayanka lafiya yadda bulisa ta faɗa, kai ne kuma za ka tabbatar da cewa ɓarnar a hannun jirgi ta faru, ba a tirela ko a sitonka ba. Wanda ya taɓa gwadawa ya san wuyarsa.

Misalin da ya fi faranta mana rai na wani Alhaji ne cikinmu mai shigo da yadi daga Sin. Kwantena mai ƙafa 40, katon 800, kowane katon riyal 300. Ranar Alhamis aka fito da ita. Ɗansa da ya je karɓa ya lura da tsatsa da wata lanƙwasa a kusurwar rufi, sai ya ƙi sa hannu haka kawai a takardar ƙofa, wadda ake ce wa EIR. Ya sa aka rubuta lahanin a jikinta, ya ɗauki hoton lambar kwantena da lambar sil, wato hatimin da ke kulle ƙofarta, tun ba a yanke ba. A sito, kafin a sauke ko katon ɗaya, ya shiga ciki aka turo ƙofa, sai ga haske yana zubowa ta wata 'yar huda da ba ta fi kan yatsa ba. Katon na ƙarƙashinta sun yi laushi, suna warin damshi.

Ya kira mu bayan la'asar, yana cewa, "Baba ya ce mu bari sai Lahadi tunda ofisoshi sun tashi." Muka ce masa, "A'a, ɗana, gaya wa Alhaji kwana ukun nan ba sa tsallake Juma'a da Asabar." A daren muka tura imel ga wakilin kamfanin jirgi a Jidda, da kwafi ga kamfanin inshora. Takardar ba ta cika shafi ba. Ta ƙunshi sunan jirgi da lambar tafiya, lambar bulisa, lambar kwantena da ta sil, ranar karɓa, da irin ɓarnar da aka gani. Ta ce muna ɗora alhakin a kan kamfanin, muna riƙe da duk haƙƙinmu, muna kuma gayyatarsu duba kaya tare ranar Litinin. Ba mu saka adadin kuɗi ba, don ba a ƙirga ba tukuna, kuma sanarwa ba ta buƙatar hakan.

Ranar Litinin masu duba kaya na ɓangarorin biyu suka zo. An ɗiga sinadarin gwajin gishiri a jiƙaƙƙen kwali, ya yi fari kamar madara, alamar akwai gishiri. Wannan gwaji yana da nauyi, domin hujjar farko da kamfanin jirgi kan kawo ita ce gumin kwantena ne ko danshin kayanka tun daga inda aka loda, gumi kuwa ba shi da gishiri. An ware katon 110, wato riyal 33,000. Da yardar masu dubawa aka sayar da su a rahusa kan riyal 9,000, asara ta tsaya a 24,000. Inshora ta biya Alhaji, ta karɓi takardar da ke ba ta ikon bin kamfanin jirgi a madadinsa. A nan ne amfanin sanarwar ya fito, don sharuɗɗan inshorar kaya suna wajabta wa mai kaya ya kiyaye haƙƙinsa a kan mai jirgi. In ka yi sakaci da shi, suna iya rage abin da za su ba ka.

Hakan kuwa ya faru da wata Hajiya mai shigo da zoɓo da citta, kuma har yanzu abin yana damun mu. Direba ya sa hannu a ƙofa ba tare da wata magana ba. Sai bayan kwana 10 aka buɗe, aka tarar buhunan bakin ƙofa sun yi hunhuna. Ta tura wa mukallas ɗinta saƙon murya, ta ɗauka ta sanar. Mukallas aikinsa fito da kaya daga kwastan, ba wakilin jirgi ba ne. Kafin magana ta iso mu an zubar da ruɓaɓɓun buhuna, an mayar da kwantena don gudun kuɗin jinkiri. Babu abin da ya rage a nuna wa kowa. Abin da ta samu bai kai rabin asararta ba. Laifinmu a ciki shi ne ba mu kai wa iyayenmu mata wannan bayani yadda ya kamata ba.

Akwai kuma wa'adi na biyu da ya kusa cin wani ɗan uwa. Ya sanar a kan lokaci, aka yi ta musayar wasiƙu har wata 11. A ƙarƙashin Hague da Visby, in shekara ɗaya ta cika daga ranar miƙa kaya ba a shigar da ƙara ba, magana ta mutu. A Hamburg shekara 2 ce. Sanarwa ba ta tsayar da wannan lissafi, haka ma "muna dubawa" da kamfani ke ta faɗa. Mun nemi ƙarin wata 3 a rubuce, sun bayar, a cikinsu aka sasanta.

A shekara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi zama na musamman da mata 'yan kasuwa, da wani da direbobi da yaran sito, tunda su ne ke sa hannu a ƙofa. Duk mai jiran kwantena ya turo wa sakatare hoton bulisa, gaba da baya, tun jirgi bai iso ba, domin mu cike masa takardar sanarwa a ajiye, mu kuma rubuta ranar cikar shekararsa a littafin kwamiti.

Wassalamu alaikum.
Sakataren kwamiti