Wasiƙa daga Damagaram: yadda ɗiyarmu za ta yi bitar darasinta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗaki da yara. Yaya Agadas, yaya sanyi? Mu nan Damagaram sai godiya, hunturu ya shigo da ƙurarsa, iyali duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso ni game da ɗiyarmu mai shirin BEPC. Ka ce kullum tana kan kaye har tsakar dare, amma a tarihi maki 8 ta samu cikin 20, har ka fara tunanin ko ƙwaƙwalwar ce ba ta riƙewa. Ni da nake koyar da wannan darasi ban yarda ba. Kafin ka yanke mata hukunci, yi mata gwaji ɗaya yau da dare: karɓe kayen, ba ta farar takarda, ka ce ta rubuta duk abin da ta tuna daga darasin da ta karanta jiya. In ta tsaya a layi uku tana cewa "wallahi na san shi, ya ɓace mini ne", to ka gano ciwon. Maimaita karatu yana sa ido ya saba da shafi, sai mutum ya ɗauka sabon nan shi ne sani. Ranar jarrabawa kuwa babu shafin, tambaya ce kawai da farar takarda, abin da ba ta taɓa gwada kanta a kai ba.

An auna wannan. A 2006 wasu masana biyu a Amirka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna ta karanta shi. Wasu zama ɗaya kawai suka karanta, sauran ukun aka ɗauke rubutun, suka riƙa rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari, ɗayan rukunin 71. Bayan mako guda sai lissafi ya juye: masu maimaitawa suka sauko 40, masu rubutawa da ka suka riƙe 61. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu maimaitawar su ne suka fi tabbatar wa kansu cewa za su tuna. Shi ya sa yaro ba ya barin wannan hanya da kansa, don tana da daɗi, kuma da daren tana nuna kamar tana aiki. Mu da muka yi makarantar allo ai mun san haka: malam ba ya cewa ka wanke don ka daɗe kana kallon allo, sai ka kife shi ka kawo da ka, sannan tilawa ta hana na baya zubewa.

Ga yadda za ta mai da kayenta tambayoyi. Ɗauki darasin zuwan Turawa garin nan. A kaye za ka ga an rubuta: a 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 sojan Faransa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini, a 1911 Zinder ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, a 1926 aka mai da hedkwatar zuwa Yamai. Ta samu wani kaye daban, ta ninke shafi biyu a tsaye, tambaya a hagu, amsa a dama, yadda in ta ninke ba za ta ga amsar ba.

Tambayar ce wurin wahala. Yawancin yara za su rubuta: "Shin an mai da hedkwata Yamai a 1926?" Wannan ba ta da amfani, amsar na cikinta, ko da ido rufe sai a ce i. Wasu kuma su rubuta: "Faɗi tarihin Zinder zamanin Turawa." Ita kuma ta yi faɗi, yarinya za ta faɗi rabi ta yafe wa kanta sauran, ba ta san abin da ya zube ba. Mai kyau ita ce wadda ke neman abu ɗaya, wanda za a iya cewa an ci ko an faɗi: "A wace shekara hedkwata ta bar Zinder?" Sannan ta juya ta: "Me ya faru a 1926?", domin malami na iya shigowa ta kowace ƙofa. Bayan waɗannan sai ta ƙara masu nauyi, na dalili: "Mene ne ya haɗa abin da ya faru a 1898 da na 1899?" Nan dole ta gina jimla da kanta, ta ce kisan kyaftin ɗin ne Faransawa suka riƙe hujjar afka wa garin. "Kawo dalili biyu da suka sa aka bar Zinder": ƙarancin ruwa, wanda har gobe muna fama da shi, da kusancin garin da Ingilishi na Najeriya. Irin waɗannan su ke kawo maki, su ne kuma yara ke gudu. Layi huɗun nan za su ba da tambaya shida ko bakwai, ya isa. Kuma ta rubuta su da Faransanci, tunda da shi za a tambaye ta.

Sai tsarin yini. Bayan la'asar, in ta gama aikin gida, minti ashirin: ta karanta darasin ranar sau ɗaya da natsuwa, ta fitar da tambayoyi. In akwai wurin da ba ta gane ba, kada ta mai da shi tambaya tukuna, ta kai wa malaminta, don haddar abin da ba a fahimta ba ba ta zuwa ko'ina. Bayan asuba, minti goma sha biyar: tambayoyin jiya, shafi a ninke. Ta faɗi amsar a fili ko ta rubuta, sannan ta buɗe ta duba. Amsa a zuci ba ta cikin lissafi, nan ne yaudara ke shiga, ta leƙa ta ce "ai dama haka zan ce". Wadda ta ci, ta sa mata alama, ta dawo mata bayan kwana uku, sannan mako, sannan wata guda. Wadda ta faɗi, gobe ta sake. Ta rubuta ranar komawa a saman shafi don kada ta rikice. Bayan isha'i rabin awa na tsofaffin shafukan da ranarsu ta zo, ta kwanta. Zaman tsakar daren nan a daina shi, barci ma yana taimakon riƙewa.

Makon farko za ta kawo maka ƙara cewa wannan hanya ta fi wuya, kuma tana ganin ba ta san komai ba. Kada ka tausaya har ka mayar mata da tsohuwar. Ka duba alamominta dai. In tana cin duka kullum ba ko gargada, tambayoyin sun yi sauƙi ko ta matsa ranakun kusa da juna. In fiye da rabi take faɗuwa, darasin bai zauna ba tun farko, ta koma ta karanta ta rage yawan tambayoyin.

Lissafi da fizik kuwa wannan bai wadatar ba. Za ta iya haddace ƙa'idar Fitagor ta kawo ta tsaf, a ba ta zane ta rasa ta inda za ta fara. A nan tambayarta ita ce aikin kansa: ta rufe gyaran da malam ya yi a allo, ta sake warware shi daga farko, ta kuma cakuɗa ayyukan babi daban-daban a zama ɗaya, don ta koyi gane wace ƙa'ida ake nema.

Kai ma kana da aiki. Ranar Lahadi ka karɓi kayen tambayoyin ka jefa mata goma daga shafuka barkatai, ba a jere ba. Ba sai ka san darasin ba, amsa na gabanka. Ka ɗauki hoton shafi biyu ka turo mini in ga irin tambayoyin da take fitarwa, zan gyara mata.

Ka gaida mai ɗaki da yara, ka ce wa ɗiyar tawa babanta na Damagaram yana jiran hoton. Allah ya ba ta sa'a, ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga Zinder